Ƙwayar Yazawar Kanti: Da Gaske Ɗanya Ce? Za A Iya Ci?

Mu nan ƙasar Bichi, Dambatta da Dawakin Tofa mun san yazawa. Takan tsaya a bakin gona ko cikin lambu, yara su sha ɗanta lokacin bazara su yar da ƙwallon. Tun muna ƙanana aka ja mana kunne cewa kada mu kuskura mu ciji wannan ƙwallo, domin yana ƙona baki. To sai ga shi a kantunan Kano ana sayar da farar ƙwayarsa cikin leda, an rubuta da Turanci cewa ɗanya ce. Shi ya sa mutane suke tambayarmu: idan ɗanyen ƙwallo yana ƙuna, ta yaya ake sayar da ɗanyar ƙwaya a ce a ci?

Amsar a taƙaice ita ce, ƙwayar kanti ba ɗanya ba ce. Ta riga ta sha zafi kafin a fasa ta. Ɗanyen na gaskiya shi ne wanda yake zube a gindin bishiya a gonakinmu, kuma shi ne abin yi wa hattara.

Ina dafin yake?

Idan aka raba ƙwallon yazawa biyu za a ga abu uku. Akwai ɓawo mai kauri a waje, akwai siririyar fata ja-ja irin ta gyaɗa, sannan farar ƙwaya a ciki. Ɓawon nan ba dunƙulalle ba ne. Cikinsa ƙananan ramuka ne kamar saƙar zuma, cike da wani mai mai danƙo. Wannan mai shi ne dafin. Babban sinadarin da ke cikinsa masana suna kiransa anakadik asid, kuma yana da ƙarfin da a masana'antu ake tatsarsa a yi fenti da kayan birkin mota.

Man yana cutarwa ta hanya biyu. Ta farko ƙuna ce kai tsaye: inda ya taɓa fata sai wurin ya yi baƙi, ya yi bororo, ya saɓule. Yaran da suke rubuta sunansu a hannu da man ƙwallon yazawa ƙona kansu suke yi, kuma tabon kan daɗe bai ɓace ba. Ta biyu kuwa ba ta fitowa nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi su feso, musamman ga wanda man ya taɓa shafarsa a baya. Yazawa da mangwaro dangi ɗaya ne, don haka wanda ƙaron mangwaro yake sa wa ƙuraje a gefen baki ya ƙara yin hattara.

Ita farar ƙwayar ba a cikinta dafin yake ba. Tana ɗaukarsa ne idan aka fasa ɓawon da ganganci, mai ya zubo mata.

Abin da ake yi wa ƙwallo kafin ya iso kanti

Mafi yawan yazawar Najeriya ana noma ta ne a jihohi irin su Kogi, Oyo, Kwara, Inugu da Binuwai, ana tsintar ƙwallon daga wajen watan Fabrairu zuwa Mayu. Kaso mai yawa ana fitar da shi da ɓawonsa zuwa Biyetnam da Indiya, inda manyan masana'antun fasawa suke. Ko a can aka fasa ko a nan gida, matakan kusan ɗaya ne.

Da farko ana shanya ƙwallon a rana kwana biyu ko uku, har sai an girgiza shi an ji ƙwayar tana motsi a ciki. Daga nan sai a turara shi da tiririn ruwan zafi na kamar minti 20 zuwa 30, yadda ake turara dambu a madambaci. Sai a baza shi ya kwana yana hucewa. Wannan turarawa da hucewa su ne suke sa ɓawo ya yi saurin tsagewa, ƙwaya kuma ta saki jikinsa. Ɗanyen ƙwallo yana da jijiya, ba ya tsagewa da kyau, kuma duk ƙoƙarin fasa shi matse mai ne a kan ƙwaya.

Bayan an yanka ɓawon da wuƙar inji an ciro ƙwayar, sai a sa ta a tanda mai ɗumin kamar digiri 70 na awoyi da dama. Wannan shi ke busar da ita, jar fatar ta saki a murje ta. Abin da ya rage shi ne farar ƙwayar da muke gani. Wato sau biyu ta sha zafi. Da 'yan kasuwa suka ce ɗanya, abin da suke nufi shi ne ba a soya ta ta yi ja ba, ba a kuma sa mata gishiri ba. Akwai 'yan kamfanoni ƙalilan a ƙasashen waje da suke fasawa ba tare da zafi ba, amma kayansu na da tsada ƙwarai, ba su ne a kantunanmu ba.

Wani abu da ya kamata mu gane shi ne, tiriri ba ya ƙarar da man da ke cikin ɓawo. Man yana nan, shi ya sa matan da suke aikin fasawa hannuwansu ke yin baƙi su tsattsage idan ba su da kariya. Abin da ke sa ƙwaya ta zama lafiyayya shi ne an raba ta da ɓawo da tsabta.

Abin da ya faru da aka yi sakaci

A shekarar 1982, a jihar Fensilbaniya ta Amurka, wata ƙungiyar wasannin yara ta sayar da gutsattsarin ƙwayar yazawa cikin leda don tara kuɗi. An shigo da kayan ne daga Mozambik. Cikin 'yan kwanaki mutane 54 daga cikin waɗanda suka ci suka fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu, ƙafa, matsematsi da ɗuwawu, wasu har da bororo a baki. Da ma'aikatan lafiya suka buɗe sauran ledojin, sai suka tarar da ɓarɓashin ɓawo a gauraye da ƙwayar.

Darasin a fili yake. Ƙwayar ta bi ta masana'anta, amma ba a tsince ta da kyau ba. Kuma a lura, gutsattsari ne, irin mai arha, inda ɓawo ya fi samun wurin ɓuya. A lura kuma ƙurajen ba su fito ranar da aka ci ba, don haka mai ƙuraje zai iya ɗora laifin a kan sabulu ko zafin gari alhali yazawar shekaranjiya ce.

Yadda za mu duba kafin mu saya

Ƙwaya mai kyau fara ce ko ruwan madara, busasshiya, tana karyewa ƙas idan aka tauna. A zuba kaɗan a tafin hannu a duba. Idan akwai baƙin ɓarɓashi mai tauri, ko ɗigon mai baƙi a jikin ƙwayar, a bar ta. Idan an ɗanɗana aka ji raɗaɗi ko maƙaƙi a harshe da maƙogwaro, a tofar, kada a ce bari a ƙarasa don kuɗin da aka biya.

Haɗari na biyu shi ne funfuna. Ƙwayar da ta sha laima takan yi laushi, ta yi wari, ta yi toka-toka ko kore. Irin funfunar da ke ɓata gyaɗa da masara tana kama yazawa, kuma tana iya barin dafin afilatoksin mai lalata hanta. Suya ba ta kawar da wannan dafi, don haka zubarwa ce kawai maganinta. Wannan ya fi faruwa da damina, da kuma wadda ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe da ba a busar ba. Idan ta leda ce, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar yazawa sam, komai tsabtarta. Alamunsa borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai ko sarƙewar numfashi, cikin mintoci bayan ci. Idan numfashi ya fara wuya, a garzaya asibiti nan take. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuma kada a ba shi ƙwaya guda-guda don gudun shaƙewa. A daka masa a zuba a kunu.

Idan ƙwallon gonarmu za mu sarrafa

A ce gida ya tara kilo 10 na busasshen ƙwallo. A zuba shi a madambaci a kan tafasasshen ruwa, a rufe, a ba shi rabin awa. A yi wannan a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kuma a keɓe tukunyar, kada ta koma girki. A baza shi a inuwa ya kwana. Washegari a sa safar hannu ta roba, ko a shafe hannu da man gyaɗa, a barbaɗa wa ƙwallon toka don ta tsotse man, sannan a fasa. Hannun da ya taɓa ɓawo kada ya taɓa ido. A busar da ƙwayar a kasko da wuta kaɗan-kaɗan har fatar ta saki, a murje, a tsince tas. Daga kilo 10 za a sami kamar kilo 2 zuwa 2 da rabi. Wannan shi ne dalilin tsadarta a kanti.

Hanyar da muka gada ta gasawa a buɗaɗɗen kasko har man ya kama da wuta tana aiki, amma hayaƙinta yana ƙona ido da maƙogwaro, man kuma yana fantsama. Ba aikin yara ba ne, ba kuma na cikin ɗaki ba. A tsaya ta inda iska ke fitowa. Ɓawon da ya rage a binne shi, kada a zuba a murhun girki ko inda awaki da kaji ke kiwo.

Idan mai ya taɓa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan da nan, domin ruwa kaɗai ba ya fitar da mai. Kada a fasa bororo. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a je asibiti. Yaron da ya tauna ɗanyen ƙwallo a kurkure masa baki, kada a tilasta masa amai, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Saboda haka, farar ƙwaya mai tsabta, busasshiya, marar ɓawo, mu ci hankalinmu kwance, ko mu ɗan soya ta don ƙarin ɗanɗano. Ƙwallon gindin bishiya kuwa, bazarar nan mu tara shi a buhu nesa da hannun yara, har sai babba ya sami lokacin turara shi.