Idan Sautin Gem Ya Ɗauke Ko Yana Tartsatsi, Fara Duba Nan

A shagunan gem da gidajen da ake buga wasa a kwamfuta, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa: hoto ras, amma sauti shiru. Wani lokaci kuma sautin na nan, sai dai yana tartsatsi yana kakkaryewa, har wasan ya sandare na ɗan lokaci. Da yawa sukan ɗora laifin a kan lasifika ko su ce kwamfutar ta tsufa, wasu har su goge wasan su ƙona data wajen sake sauke shi. Abin yana damuna, domin sau da yawa matsalar tana cikin saiti biyu ne na Windows, kuma gyaransu ba ya cin ko sisi.

Kwamfuta ba ta riƙe sauti a dunƙule, yanka shi take yi gutsi-gutsi, kowane gutsure lamba ce da ke nuna ƙarfin sautin a daidai wannan lokaci. Adadin gutsattsarin da ake fitarwa a daƙiƙa ɗaya shi ne lambar da za ka gani da Hz a gefenta. Faifan CD yana amfani da 44100, faifan DVD da akasarin bidiyo da wasannin zamani suna amfani da 48000. Ita Windows tana da adadi guda da aka saita wa kowace na'urar sauti, kuma duk abin da manhajoji suka turo sai an mayar da shi kan wannan adadin kafin ya fita. Yawanci hakan na tafiya lafiya ba tare da kunne ya ji komai ba.

Inda ake samun cikas shi ne idan an ɗaga adadin sama sosai. Wasu suna ganin 192000 a jerin, sai su zaɓe shi da zaton babbar lamba ita ce sauti mai daɗi. Windows tana miƙa sauti ne kashi-kashi, kusan sau ɗari a daƙiƙa. A kan 48000, kowane kashi gutsure 480 ne. A kan 192000 kuwa 1920 ne, ninki huɗu, alhali wasan da aka naɗa a 48000 bai ƙaru da komai ba. Idan injin sautin wasan bai iya wannan adadin da kyau ba, ko kwamfutar ta makara wajen cika kashi ɗaya, sai a sami ɗan giɓi. Wannan giɓin shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Ko da wasan Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020, masu wasa da dama sun koka da irin wannan tartsatsi, kuma rage adadin ne ya warkar wa da yawansu.

Matsala ta biyu ta fi yawa, wato rububin na'urori. Mu ɗauki saurayin da ya jona laftof ɗinsa da talabijin ta wayar HDMI don su buga ƙwallo da abokinsa, ya kuma soka fad ɗin PS4 ta USB. A ganinsa lasifika ɗaya ce a ɗakin. A wajen Windows kuwa hanyoyin fitar sauti uku ne: lasifikar laftof, talabijin domin HDMI tana ɗaukar sauti tare da hoto, da kuma fad ɗin, domin sabon samfurinsa yana da ramin iyafis da ke aiki ta USB, yakan bayyana da sunan Wireless Controller. Da zarar an soka shi, Windows takan mayar da sauti can. Wasa na ta magana a cikin fad ɗin da babu iyafis a jikinsa, ɗaki kuma shiru.

Ga yadda zai gane hakan. Ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta wannan:

```
mmsys.cpl
```

Taga za ta buɗe a shafin Playback, da jerin duk na'urorin. A bar wasan yana gudana a duba gefen kowacce: inda koren ma'auni ke hawa da sauka, can sautin yake zuwa. Idan a kan fad ne, an kama ɓarawo. Sai ya danna talabijin da maɓallin dama na linzami, ya zaɓi Set as Default Device, sannan ya koma kan fad ɗin ya zaɓi Disable. Wannan ba ya hana fad buga wasa, sautinsa kaɗai aka kashe. Daga nan ya buɗe Properties na talabijin, ya shiga Advanced, a ƙarƙashin Default Format ya zaɓi 16 bit ko 24 bit mai 48000 Hz, ya danna Test ya ji ƙararrawa. A wannan shafin akwai akwatin Allow applications to take exclusive control of this device. Cire alamar da ke ciki yana hana wata manhaja kame na'urar ita kaɗai ta bar wasa ba baki.

Matakin da aka fi mantawa shi ne rufe wasan gaba ɗaya a sake buɗe shi. Wasanni da yawa, musamman tsofaffi, suna zaɓar na'urar sauti ne a lokacin da suke tashi, ba sa sake waiwayawa. Wannan halin ne kuma ke bayyana sandarewa. Idan talabijin ya ɗauke na ɗan lokaci, misali an ɗauke wuta ana tayar da janareto alhali laftof na kan batir, na'urar da wasan ya riƙe ta ɓace ke nan. Wani wasan zai koma lasifikar laftof lafiya, wani zai yi shiru har a sake buɗe shi, wani kuma zai tsaya cak yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Don haka a jona komai tukuna kafin a kunna wasa.

Masu iyafis na Bulutut suna da nasu. Irin wannan iyafis yana da yanayi biyu: na sauraro mai sauti cikakke, da na kiran waya wanda ke saukowa zuwa 8000 ko 16000. A Windows 10 za ka ga sunansa sau biyu, ɗaya da Stereo ɗaya da Hands-Free. Da zarar wasa ko manhajar hira ta buɗe makirfo ɗinsa, sai ya faɗa yanayin kira, sauti ya dushe ko ya ɗauke. Idan ba ka buƙatar makirfon, kashe shi a shafin Recording, ka yi amfani da na laftof.

Ba kowane tartsatsi ne wannan gyara ke magancewa ba. Kunna waƙa ko bidiyo bayan ka rufe wasan. Idan nan ma yana ƙas-ƙas, a kowace lasifika, to zargi ya koma kan manhajar da ke tuƙa na'urar sauti, ko zafin da ya sa kwamfuta rage gudu. Idan motsa waya ne ke kawo shi, waya ce ko ramin da aka soka ta. Idan kuwa sai a wurin da wasa ya cika da mutane da fashe-fashe sauti ke karyewa tare da hoto, nauyi ne ya fi ƙarfin kwamfutar, sai a rage ingancin hoto. Shawarata ita ce ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na gaba, don ka san wanda ya yi aiki. Kafin ka kai kwamfutarka wajen mai gyara ko ka sayi sabuwar lasifika, tabbatar na'urar da kake sauraro ita ce aka zaɓa, kuma tana kan 48000.