Giɓin shekara huɗu a takardar neman aiki: me za a ce wa mai ɗauka?

Mai ɗaukar ma'aikata idan ya buɗe takardar tarihin aikinka, wadda aka fi sani da si-bi, shekaru yake fara bi da ido. Ya ga ka kama aiki a 2015, ka bari a 2019, sai ya nemi abin da ya biyo baya. In bai ga komai ba har 2024, ransa zai ba shi tambaya, kuma ba lalle ya kira ka ya ji amsa ba, don akwai tulin takardu gabansa. Shi ya sa gajeren saƙon da ke raka takardar, ko ta imel ne ko ta WhatsApp ko LinkedIn, ya fi dacewa ya ɗauki bayanin giɓin tun kafin a tambaya.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata ce a Kano, ta karanta akanta, ta yi hidimar ƙasa, ta yi shekara huɗu a ofishin kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya. A ƙarshen 2019 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifiyarta, kuma ita ce 'ya macen da ke kusa. Ta ajiye aiki ta koma jinya. A 2023 Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. Bayan 'yan watanni ta ga tallar gurbin akanta, ta zauna rubuta saƙo. Abin da yakan fara fitowa daga hannun irin wannan baiwar Allah shi ne:

"Ranka ya daɗe, don Allah a yi haƙuri, na san na daɗe ba na aiki. Wallahi ba da son raina ba ne, larura ce ta same mu a gida, mahaifiyata ta sha fama, mun yi yawon asibiti har kuɗi suka ƙare. Ina roƙo a taimaka a ba ni dama, ba zan ba ku kunya ba."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma mai karatu zai tausaya mata. Amma ba ta ce yaushe ta bar aiki ba, ba ta ce jinyar ta ƙare ba, ba ta ma ambaci cewa ita akanta ce ba. Ta rubuta takardar koke, irin wadda ake kai wa mai hali don neman taimako, alhali wanda take rubuta wa an ɗora masa nauyin nemo wanda zai riƙe littattafan kuɗin kamfani. Shi ma akwai na gaba da shi da zai tambaye shi dalilin zaɓen wance, kuma ba zai iya cewa don ta ba shi tausayi ba.

Ban haƙurin nan daga tarbiyya ya fito, ban raina shi ba. An koya mana mu ƙanƙan da kai gaban wanda muke neman abu a hannunsa. Sai dai ladabi daban, amsa laifi daban. Gaisuwa da godiya ladabi ne, a bar su a saƙon. Ban haƙuri kuwa ana yin sa ne ga wanda aka ɓata wa, kuma matar nan ba ta ɓata wa kamfanin da ba ta taɓa yi wa aiki ba. Da zarar ta buɗe da "a yi haƙuri", ta gaya wa mutumin cewa akwai aibi a nan, sai ya shiga neman sa. Ni a ganina abin takaici ne mace ta yi shekara huɗu tana juya mahaifiyarta a gado, tana lissafin magani da ranakun ganin likita, sannan ta zo tana sunkuyar da kai a kan haka.

Shi mai ɗaukar, damuwarsa ba ta wuce abu uku. Yana so ya san daga yaushe zuwa yaushe, kuma me ya jawo. Yana so ya san ko abin ya wuce, ko kuwa bayan wata uku za a sake ajiye masa aiki. Sannan yana so ya san ko hannu bai yi tsatsa ba. Ga yadda saƙon zai fito in an amsa waɗannan:

"Assalamu alaikum. Na ga tallar gurbin akanta da kuka fitar, ga takarduna a haɗe. Na yi shekara huɗu a ofishin kuɗi na kamfanin rarraba kaya, ina riƙe da albashin ma'aikata da daidaita lissafin banki na wata-wata. Daga Disamba 2019 zuwa Agusta 2023 na ajiye aiki don jinyar mahaifiyata. Wannan nauyi ya sauka, yanzu a shirye nake in yi cikakken aiki. A watanni shidan nan na sake bin dokokin haraji da suka canja, kuma ni ke riƙe littafin kuɗin wani kantin magani a unguwarmu, na kuma shigar masa da harajin VAT ta TaxPro Max. Zan iya zuwa intabiyu duk ranar da ta yi muku. Na gode."

Yawancin kamfanonin Najeriya da Turanci za a rubuta musu, a Nijar kuma da Faransanci, amma ginin saƙon ba ya canjawa. A lura da inda giɓin ya zauna. Ba shi ne ya buɗe saƙon ba, sana'arta ce ta buɗe. Ya zo a tsakiya, jimla biyu kacal, sannan magana ta koma kan aiki. Mai karatu zai fara ganin akanta, ya ga ta yi hutu, ya ƙare da akanta. An kuma sa watanni, ba shekaru kawai ba, domin "2019 zuwa 2023" na iya nufin shekara uku da kwanaki, yana iya nufin kusan biyar, kuma wanda bai sani ba yakan ɗauki mafi tsawo.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce ta watanni shidan nan, kuma ita ce ba a iya rubutawa sai an yi aikin tukuna. Lokacin da matar nan ta bar ofis, harajin VAT kashi 5 ne cikin ɗari. A Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. A 2021 hukumar tara haraji ta tarayya ta kawo manhajar TaxPro Max, shigar da bayanan haraji ya koma ta intanet. Shugaban sashen kuɗi ya san duk wannan ya faru bayan tafiyarta, kuma shi ne ainihin abin da yake tsoro. Da ta ambaci manhajar da sunanta, ta ce ta yi aiki da ita, ta rufe wannan ƙofa. "Ina da ƙwazo da son koyo" kowa na iya rubutawa. Kowace sana'a da irin nata: malamar jinya ta ce lasisinta sabo ne, direba ya ce nasa bai ƙare ba, malamin makaranta ya faɗi darasin da yake koyarwa a gida. In babu abin faɗa, gara a jinkirta saƙon wata biyu a samo shi, ko da riƙe wa ƙungiyar unguwa lissafi ne kyauta.

Jinya dalili ne mai sauƙin faɗa, haka haihuwa da raino, ko takaba da abin da ya biyo bayanta. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya jinkirta masa karatu ma jimla guda ta ishe shi, don kowa ya san na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Akwai waɗanda suka fi wuya.

Wanda shi kansa ne ya yi ciwo, ba dole ba ne ya faɗi sunan ciwon. "Na yi jinya, na warke, likita ya ce ba abin da zai hana ni aiki" ya wadatar, in hakan gaskiya ne. Wannan ya fi muhimmanci ga ciwon da jama'a ke tsangwama a kansa, kamar na damuwa ko taɓin hankali: saƙon farko ga baƙo ba wurinsa ba ne. Ko matar misalinmu ba ta ambaci shanyewar jiki ba, ba ta ma ce rasuwa ba. In sun tambaya a intabiyu, sai ta faɗi iya abin da ta ga dama.

Wanda aka rage shi a aiki ya ce an rage ma'aikata a wata kaza, kada ya ƙara da zagin tsohon maigida, don mai karatu zai ga yadda za a yi da shi ne wata rana. Wanda kuma ya yi ta nema bai samu ba, ya koma saye da sayar da hatsi a Dawanau, sau da yawa yakan ɓoye wannan don yana ganin ba aikin ofis ba ne. Kuskure ne. Shekara uku yana sayen kaya, yana bin bashi, yana biyan 'yan dako, ba giɓi ba ne sam. Ya rubuta shi a takardar da watanninsa kamar kowane aiki, ya ce yanzu yana son komawa aikin albashi.

Jarabawar da ke kama mutane ita ce miƙa kwanan wata: a mayar da 2019 ta zama 2021 don giɓin ya ragu. Manyan kamfanoni kan rubuta wa tsohon wurin aiki su nemi tabbaci, kuma wanda ke cikin tsarin fansho na adashi, bayanin asusunsa na nuna watan da aka daina zuba masa kuɗi. Giɓin shekara huɗu ana iya ɗaukar mutum da shi. Kwanan watan ƙarya in ya fito, ko bayan an kama aiki ne, yana iya zama sanadin sallama. Kuma dole abin da ke saƙon ya yi daidai da abin da ke si-bi da shafin LinkedIn, wanda tun 2022 ya tanadi wurin rubuta hutun aiki.

Saƙo mai kyau ba ya buɗe kowace ƙofa. In talla ta ce kada shekarun mai nema su wuce kaza, kamar yadda bankuna kan yi wa sababbin ɗauka, bayani ba zai rage shekaru ba. Wani wurin kuma zai ba ta matsayin da ta bari a 2019, ko ƙasa da shi, alhali sa'o'inta sun yi gaba; wannan ciniki ne na ranar intabiyu, kada a fara sassauta farashi a saƙo da cewa "ko nawa ne zan karɓa". Shiru ma ba hujja ba ce cewa saƙon ya lalace, don masu nema sun fi guraben yawa. Ma'aunin da ya fi shi ne intabiyun kansa. In rabin lokacin ya tafi a kan shekarun da aka zauna, to akwai ɗaya cikin tambayoyin nan uku da saƙon bai amsa ba, kuma yawanci ta biyu ce: ba a faɗa ƙarara cewa abin ya wuce ba. Sai a koma a gyara wannan jimlar kafin a tura wa kamfani na gaba.