Zane Biyu, Igiya Ɗaya: Tarkon da Ke Kama Ɗaliban Fiziks

A takardar Fiziks ta WAEC ko NECO, akan kawo zane biyu masu lanƙwasa iri ɗaya, tudu da kwari na bin juna. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan ɗauka abu guda aka maimaita, alhali bambancin yana ƙasa, a layin kwance: ɗaya an rubuta x da mita, ɗayan kuma t da sakan.

A ce an ɗaure doguwar igiya a bishiya, yaro yana kaɗa bakinta sama da ƙasa. Zanen da ke da mita a ƙasa tamkar hoto ne da aka ɗauki igiyar duka a ƙiftawar ido guda. Yana nuna yadda kowane wuri ya goce daga mazauninsa a wannan lokacin. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudun da ke biye ita ce tsawon zango, λ, irin wanda masu sauraron rediyo suka saba ji idan an ce gajeren zango.

Zanen da ke da sakan kuwa bai damu da sauran igiyar ba. A ɗaura jan ƙyalle a wuri guda, a zuba masa ido yana hawa yana sauka: labarin ƙyallen nan kaɗai zanen ke bayarwa. Tudu zuwa tudu a nan lokacin zagaye guda ne, T, ba tsawo ba.

A ce zanen farko ya nuna mita 0.8 tsakanin tudu biyu, na biyun kuma sakan 0.2. Da f = 1/T, ƙyallen na zagaye 5 a sakan guda, wato 5 Hz. Da v = fλ, kaɗawar na tafiya mita 4 a sakan. Wanda ya musanya lambobin zai raba 0.2 da 0.8 ya samu 0.25, amsar da ta gaza ta gaskiya ninki 16, kuma babu abin da zai tsikare shi, domin lissafin ya tafi sumul. Zane guda kaɗai ba ya ba da wannan gudun. Dole a haɗa biyun, ko tambayar ta kawo lambar da ta rage.

Abin da zanukan suka yi tarayya a kai shi ne iyakar gocewa, wadda ake aunawa daga layin tsakiya zuwa ƙololuwar tudu, ba daga kwari ba. Masu tsara tambaya kuma sun iya ɓoye ƙaya a ma'auni: idan an rubuta t/ms, to 200 na nufin sakan 0.2, sai an mayar kafin a taɓa f = 1/T.