Bashin dala, ciniki da naira: ina nauyin yake fitowa?

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa a Sabon Birni ya ranci dala 1,000 a watan Mayun 2023 don ya saro kayan gyaran babura, da alƙawarin zai biya bayan shekara guda tare da ƙarin dala 100. A lokacin 'yan canji na sayar da dala a kan kusan naira 750, don haka ya lissafa cewa naira 825,000 za ta raba shi da bashin.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira farashi. Zuwa Mayun 2024 dala ta kai wajen naira 1,500.

A takarda bashin bai motsa ba, dala 1,100 ce. Sai dai masu sayen kayansa a Sabon Birni da Isa da naira suke biya, shi kuma da ita zai sayi dala. Yanzu sai ya tara naira 1,650,000. Ninki biyu ke nan, alhali ko kwabo mai bashin bai ƙara masa ba.

Za ku ce ai sai ya ƙara farashi. Kayan da ya sayar tun farko sun riga sun tafi a tsohon farashi, kuma samun ɗan kabu-kabu bai ninka ba balle ya biya ninki.

Maƙwabcinsa mai kai kaya Maraɗi yana karɓar sefa ya fi shi sauƙi. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka faɗuwar naira ba ta rage darajar cinikinsa a dala ba.