Taken Hoto Biyu: Wanne Ya Fi Jan Mutane?

A ce mai sayar da atamfa ta intanet tana da rubutu biyu na ƙasan hoto: "Sabon kaya ya iso" da "Ragi har Juma'a". Idan ta sa na farko da safe, na biyu da dare, lokaci ta gwada. Gara manhajar talla ta raba masu kallo kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, hoto ɗaya, lokaci ɗaya, kowa ya ga rubutu guda kawai.

Tun farko ta tsai da ma'auni, wato masu dannawa cikin kowane dubu, da wa'adin mako guda. Kada ta tsayar rana ta biyu don ɗaya ya wuce gaba. Tazarar 30 da 34 cikin dubu-dubu, sa'a kaɗai na iya kawo ta.