Daren Farko a Gefen Gadon Mai Jinya

Malaman jinya kan sa ɗalibai su bi matakai shida na Graham Gibbs, na 1988, wajen waiwayar aikinsu. Wata ɗaliba ta bi su bayan ta kwana da dattijon da ajalinsa ya kusa.

Ta fara da abin da ya faru: numfashinsa na yankewa yana dawowa, maƙogwaro na kwarniya. Sai abin da ta ji, wato tsoro. Da ta auna aikinta, jiƙa masa leɓe da auduga ya yi daidai, amma ta kauce wa tambayoyin 'yarsa. Dalili kuwa, ta ɗauka shaƙewa yake yi, alhali majina ce da ya kasa haɗiyewa. Ta gane da ta juya shi kan gefensa, da ƙarar ta ragu.

Shirinta na gaba: ta kira babbar nas, ta yi wa dangi bayani tun da wuri.