Sabis Ya Ɗauke, Ciniki Bai Tsaya Ba

Shaguna da gidajen abinci da yawa sun ajiye littafin ciniki sun koma manhaja. Mai karɓar kuɗi yana danna kayan da aka saya a waya ko kwamfuta, manhaja ta haɗa lissafi, ta fitar da rasit, ta rage adadin kayan da ke sito. Matsalar ita ce wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji ba sa iya rubuta ko kwalin ashana sai sun tuntuɓi babbar kwamfutar kamfanin da ke can wani gari, wadda ake kira uwar garke. Da zarar sabis ya ɗauke, allo ya kama juyawa, layi ya taru, kwastoma kuma ba ya jira.

Mu nan mun san ɗaukewar sabis ba ta minti biyar kaɗai ba ce. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga wahala. Saboda irin haka ne ake gina wata manhaja da ta juya tsarin: ciniki yana fara sauka ne a cikin na'urar da ke kan kanta, intanet sai daga baya.

Idan aka danna "an biya", manhajar tana rubuta cinikin a wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke cikin wayar. A wayoyin Android galibi SQLite ce, a manhajar da ke buɗewa cikin birawuza kuma IndexedDB. A lokaci guda tana sa kwafin cinikin a layin jira. Rasit ya fito, kwastoma ya tafi. Can a bayan fage wani ɓangare na manhajar yana ta gwada ƙofa. In sabis ya dawo ya tura na farko a layi, ya jira uwar garke ta ce ta karɓa, sannan ya yi masa alamar an gama ya ɗauki na gaba. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Inda ake gane ƙwararren magini shi ne lokacin da bayanan suka haɗu.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari, yana da yara biyu a kan kanta, kowa da wayarsa. Da safe sito yana da katan 20 na taliya, kuma duka wayoyin sun san haka. Ƙarfe goma sabis ya tafi. Na farko ya sayar da katan 6, wayarsa ta nuna saura 14. Na biyu ya sayar da 7, tasa ta nuna saura 13. Da la'asar sabis ya dawo. Idan kowace waya ta aika da "saura kaza", uwar garke za ta riƙe maganar wadda ta zo a ƙarshe, ta rubuta 13 ko 14, alhali katan 7 ne kawai a sito. Ranar ƙidaya sai a ga giɓin katan shida ko bakwai, a fara kallon yaron sito da ido ɗaya, shi kuwa bai taɓa komai ba. Wannan zaluncin ne ya fi damuna a lamarin.

Maganinsa shi ne kada waya ta faɗi abin da ya rage, ta faɗi abin da ya faru: an fitar da 6, an fitar da 7. Uwar garke ita za ta yi ragin, kuma ko wanne ya riga isa amsar 7 ce. Amma ko wannan ba ya hana a sayar da abin da babu. Da katan 10 ne a sito, yaran za su iya karɓar kuɗin katan 13 ba tare da sun sani ba. Manhaja mai kyau ba ta goge ɗaya daga cikin cinikin biyu, domin an riga an karɓi kuɗin mutane. Tana nuna adadin ya faɗa ƙasa da sifili da katan uku, ta ɗaga wa maigida tuta ya yanke hukunci. Wasu shagunan kan rage wannan haɗari ta hanyar haɗa wayoyin da wayifai na cikin gida, wanda ke aiki ko babu intanet, wayoyin su riƙa gaya wa juna abin da aka fitar.

Tarko na biyu shi ne ninki. Waya ta tura cinikin naira 45,000, uwar garke ta karɓa ta rubuta, amma kafin amsarta ta dawo sabis ya sake yankewa. Wayar ba ta san ya isa ba, don haka dole ta sake turawa. In ba a yi tanadi ba, littafi zai nuna 90,000 aljihu kuma 45,000. Tanadin shi ne kowane ciniki ya samu lambar shaidarsa tun a cikin waya, a daidai lokacin da aka yi shi. Magina kan yi amfani da doguwar lamba da ake kira UUID, wadda kusan ba zai yiwu wayoyi biyu su ƙirƙiro iri ɗaya ba. In uwar garke ta ga lambar da ta riga ta rubuta, sai ta amsa "na karɓa" ba tare da ta sake rubutawa ba. Lambar rasit da kwastoma ke gani ma gara ta ɗauki alamar kanta, kamar K1-0457 da K2-0457, don kada rasit biyu su ci karo. Haka kuma farashin da aka sayar dole ya zauna a jikin cinikin, ko da maigida ya ƙara kuɗin taliya daga gida tsakar rana.

Akwai iyakar da ya kamata kowane mai shago ya riƙe. Rubuta ciniki daban, tabbatar da kuɗi daban. Tsabar kuɗi tana hannunka. Tiransifa da katin banki kuwa sai banki ya amsa, banki kuma sai da sabis. Hoton rasit a wayar kwastoma ba shaida ba ne. Manhajar kirki tana ba da damar a rubuta irin wannan ciniki a matsayin wanda ake jiran tabbacinsa, kada ya shiga lissafin kuɗin da ya shigo.

Sannan duk cinikin da bai tafi ba, a waya ɗaya kaɗai yake zaune a duniya. In aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko wani yaro ya danna Clear data don ya samu wuri, ya tafi ke nan. Shi ya sa allo ya kamata ya riƙa nuna ciniki nawa ke jira da kuma lokacin da aka yi turi na ƙarshe. Alamar sabis a saman waya ba ta isa hujja ba, domin sau da yawa sanduna a cike suke amma bayanai ba sa wucewa. Kafin a rufe shago a duba layin jira ya koma sifili.

Kafin ka biya kuɗin manhaja, ka sa mai tallata ta ya gwada a gabanka. A kunna Airplane mode a wayoyi biyu, kowace ta sayar da kaya iri ɗaya, a kashe ɗaya gaba ɗaya a sake kunnawa a ga ko cinikin yana nan. Sai a maido da sabis, a katse shi ana tsakiyar turi, a sake maidowa. Daga nan ku buɗe rahoton rana ku ƙirga: ciniki nawa aka yi, nawa ya bayyana, kuma katan nawa manhajar ta ce sun rage a sito.